Sautin da ke faɗawa tsakanin farin maɓalli da baƙi

"Malam, ina kiɗan fiyano a wani ƙaramin situdiyo a Tudun Wada, nan Kaduna. Akwai wani mai ƙasida da ya yi karatu a Masar, muryarsa garau, amma akwai sauti ɗaya da in na danna farin maɓalli sai ya yi masa sama, in na danna baƙi ya yi masa ƙasa. Na sa masa Auto-Tune, ya ce na kashe masa waƙa, wai sautin kwata ne. Mene ne bambancin irin jerinsu da namu na do-re-mi, kuma yaya zan yi da shi?"

Ɗan'uwa, mutumin nan gaskiya ya faɗa maka, kai ma kunnenka bai yaudare ka ba. Sautin yana nan, yana da mazauninsa tsayayye, fiyanonka ne ba a yi masa maɓallinsa ba. Bari mu fara da awo, domin in babu awo za ku yi ta jayayya ne har dare.

Daga do na ƙasa zuwa do na sama, wato abin da kuke kira oktif, masana sun kasa shi kashi 1200, kowane kashi ana ce masa sent. Wani Bature mai suna Alexander Ellis ne ya fito da wannan ma'auni a shekarun 1880, don ya iya kwatanta jerin sautukan al'ummai daban-daban da mudu ɗaya. Fiyanonka ya raba oktif gida 12 daidai wa daida, saboda haka daga kowane maɓalli zuwa maƙwabcinsa sent 100 ne, shi ne rabin taku. Maɓalli biyu sent 200, cikakken taku ke nan. Duk abin da za ka kaɗa a fiyano, komai gwanintarka, tazararsa ɗari ce, ko ɗari biyu, ko ɗari uku, haka har sama. Ba ka da hanyar samun ɗari da hamsin. Jerin mejo da yaran kwaya ke rerawa a coci-cocin Sabon Tasha da Barnawa yana tafiya ne 200, 200, 100, 200, 200, 200, 100. Taku iri biyu kacal, babba da ƙarami, kuma babban ya ninka ƙaramin.

Jerin da mawaƙinka ya koyo a Masar yana da taku na uku, wanda ya zauna tsakanin biyun: kimanin sent 150, wato kashi uku cikin huɗu na cikakken taku. Wannan shi ne tushen bambancin gaba ɗaya, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata. In an ce musu kwata, sai su ɗauka Larabawa suna taka sautuka ne sent hamsin-hamsin, suna bin ƙananan ramuka 24 a cikin oktif. Ba haka ake yi ba. Maƙam, wato jerin sautukan kiɗan Larabawa, shi ma sautuka bakwai gare shi kamar do-re-mi. Da wuya ƙwarai ka ji mawaƙi ya taka daga wani sauti zuwa wani mai nisan sent 50 a matsayin takun waƙa. Abin da ke faruwa shi ne ana ɗaukar sauti ɗaya ko biyu daga cikin bakwai ɗin, a sassauto da shi kimanin kwata daga inda fiyano ya ajiye shi. Kwatan gwargwadon gocewar ne, takun da kunne ke ji kuwa ɗari da hamsin ne.

Ɗauki maƙam Rast a kan C. Sautukansa C, D, E da aka sassauto da kwata, F, G, A, B da aka sassauto da kwata, sai C. Takunsa 200, 150, 150, 200, 200, 150, 150. Ka lura da abin da ya faru tsakanin D da F. Tazarar nan sent 300 ce a kowane hali. Mejo ya raba ta 200 da 100, maino ya raba ta 100 da 200, Rast kuwa ya raba ta kusan tsakiya. Saboda haka sauti na uku yana nisan 350 daga tushe, alhali na mejo 400 ne, na maino 300. Shi ya sa ake ce wa irin wannan tazara tsaka-tsaki. Wanda ya tashi da fiyano yakan ji ta kamar mejo mai rauni ko maino da ya wuce gona da iri, domin kunnensa aljihu biyu kawai yake da su na zuba sauti na uku. Wanda ya tashi da ita yana jin ta a matsayin abu na uku mai cin gashin kansa, kuma in ka kaɗa masa E na fiyano a wurinta, shi ne zai ce ka kauce.

Wannan sauti ba sabon abu ba ne. Ana jingina shi ga Mansur Zalzal, makaɗin udu, wato kayan kiɗan Larabawa mai tsarkiya, na Bagadaza a ƙarni na takwas, zamanin Abbasiyawa, wanda ya riƙa ɗora ɗan yatsansa na tsakiya a wani wuri tsakanin wurare biyu da aka saba. Al-Farabi, wanda ya rasu a 950, ya rubuta lissafin wurin a babban littafinsa na kiɗa, kuma in aka mayar da lissafin zuwa ma'auninmu yana ba da kimanin sent 355. Za ka iya ganin abin da idonka. A tsarkiya mai tsawon santimita 60, in kana son sauti mai nisan 300 daga sakakkiyar tsarkiya, za ka danne ta a wajen santimita tara da rabi daga sama. In 400 kake so, wajen santimita sha biyu da rabi saura kaɗan. Sautin tsaka-tsaki yana wajen santimita 11. Tsakaninsa da kowane maƙwabci kusan santimita ɗaya da rabi ne, kusan faɗin ɗan yatsa. Wannan ba tazarar da ƙwararre zai yi kuskure da ita ba ce, da gangan ake ajiye yatsa a can. Udu ba shi da ƙarafan da ke gindaye wuyan jita, shi ya sa abin ya zo masa da sauƙi. Goge da kukuma da gurmi da garaya ma duk haka suke, babu abin da ya tilasta musu ɗari-ɗari. Ban ce kiɗanmu na gargajiya maƙam ne ba, yawancinsa a kan sautuka biyar yake tafiya, da nasa tsarin. Amma in ka taɓa ɗora fiyano a kan tsohon faifan goge ka ji ba su zauna daram ba, dangin matsalar ce.

Maganar raba oktif gida 24 ta zo ne daga baya. Mikha'il Mishaƙa, masani daga ƙasar Sham, shi ne ya shahara da rubuta ta a wajen 1840. Amfaninta shi ne ta ba da suna da alamar rubutu ga kowane sauti. A 1932 aka yi babban taron kiɗan Larabawa a Alƙahira, zamanin Sarki Fu'ad, aka tara makaɗa daga ƙasashen Larabawa da masana daga Turai, cikinsu har da Béla Bartók da Alois Hába. An auna, an yi muhawara, aka tashi ba a cimma matsaya a kan cewa kwata 24 masu daidaito su ne ainihin abin da makaɗa ke kaɗawa ba. Shi Hába ɗin misali ne mai kyau na ɗaya hanyar: ya rubuta kiɗa da fiyano na musamman mai kwata, inda yake amfani da sent 50 a matsayin taku na gaske, yana gina sabon haɗin sautuka da shi. Wancan faɗaɗa tsarin Turai ne. Abin da mawaƙinka ke yi daban ne, kuma ya girme shi da fiye da shekara dubu.

Dalilin da taron bai daidaita ba shi ne abin da ya fi muhimmanci gare ka a situdiyo. Sautin tsaka-tsakin ba ya zama a wuri ɗaya a kowane maƙam. E mai kwata na Rast yakan ɗan fi na Bayati sama, duk da cewa a takarda alama ɗaya ake rubuta musu. Makaɗan Halab a Siriya sukan ɗaga shi fiye da na Masar. Turkawa kuwa a Rast ɗinsu sun kai shi kusa da E na fiyano ƙwarai, har wanda bai saba ba zai ce mejo ne. Ke nan hamsin ɗin nan mafari ne kawai. Daga nan kunne ke karɓar aiki.

Wani abu da nake so ka cire daga ranka: ba duk abin da ya yi ƙamshin Larabci ne ke da kwata ba. Hijaz, wanda shi ne abin da yawancin masu fiyano ke kaɗawa in an ce su yi na Larabawa, takunsa na farko 100, 300, 100 ne, D, E♭, F♯, G, kuma fiyano na iya kawo shi kusa, ko da yake masu udu sukan ɗan matse babban takun na tsakiya. Ajam kusan mejo ne, Nahawand kusan maino, Kurd ma yana kan maɓallanka. Waɗanda ba za su yiwu ba sai da gyara su ne dangin Rast, Bayati, Sika da Saba. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mawaƙi ita ce wane maƙam yake ciki.

Na fi kyautata zaton naka yana Bayati ne, domin shi ne ya fi yawo a ƙasida da nashidi, kuma kunnuwan mutanen Kaduna sun san shi ko da ba su san sunansa ba: manyan makarantan Alƙur'ani na Masar masu tajwidi a tsanake galibi da shi suke buɗewa, da shi suke rufewa. Bari mu bi shi daki-daki kamar yana tsaye a gaban makirfonka.

Kashe duk wani abin gyaran murya. Ka ce ya rera baiti biyu shi kaɗai, babu kiɗa a kunnensa, ka ɗauka. Saurari inda yake sauka ya huta a ƙarshen kowane baiti, wannan shi ne tushe. Mu ce ya faɗa kusa da D. Yanzu riƙe D kaɗai da wani sauti mai ɗorewa, kamar na ogan, ka sa ya sake rerawa a kai. Kada ka taɓa wani maɓalli tukuna. Bayati a kan D yana hawa ne D, E mai kwata, F, G, da taku 150, 150, 200. Za ka ji yana yawan tsayawa a G kafin ya gangaro, domin G ne sauti na biyu a daraja a wannan maƙam. Gwada F da G a fiyano, za ka tarar sun zauna da muryarsa lafiya. Na biyun ne kawai ke rigima.

Buɗe manhajar auna sauti a wayarka, ka ce ya ja wannan sauti na biyu ya riƙe. Ga abin da za ka gani: allurar za ta riƙa tsalle, yanzu ta rubuta E da ragin kusan 50, anjima ta rubuta E♭ da ƙarin kusan 50. Manhajar ba ta lalace ba, sautin ne ya zauna a kan iyakar gida biyu. In kana son lambobi, E na tsakiyar fiyano yana kaɗawa sau 329.6 a daƙiƙa, E♭ sau 311.1, wanda ke tsakiyarsu kuma kimanin 320.2. Lissafin da ke ba da wannan shi ne:

```
f = f0 × 2^(c/1200)
261.63 × 2^(350/1200) ≈ 320.2
```

inda f0 yake C na tsakiya, c kuma yawan sent. Wannan ya bayyana abin da ka ji. In ka danna E shi kuma yana riƙe da nasa, bambancinku kusan tara ne a daƙiƙa, kuma sautuka biyu masu kusanci haka suna haifar da wata karkarwa, wa-wa-wa, sau tara a kowace daƙiƙa. In ka koma E♭, bambancin tara ne kuma ta ɗaya gefen. Duk inda ka juya karkarwar na nan.

Kafin ka gyara fiyano, tabbatar da cewa kwata ne na gaske, domin akwai mawaƙan da ke fakewa da sunan maƙam alhali murya ce ba ta zauna ba. Alamar a bayyane take. Ka duba sautin nan a wurare biyar ko shida cikin waƙar. In kwata ne, zai riƙa dawowa kusan wuri ɗaya, bambancin bai wuce sent goma ko sha biyar ba, kuma D da G ɗinsa za su tsaya cak da tazarar kusan 500 tsakaninsu daga farkon waƙa har ƙarshe. In kuwa rauni ne, za ka ga yanzu ragin 20, anjima ragin 70, kuma tushen kansa yana zamewa ƙasa sannu a hankali yayin da numfashi ke ƙarewa. Mai rauni yana kauce wa sautuka da yawa ba tsari. Mai maƙam sauti ɗaya ko biyu yake gocewa da su, kullum su ɗin, kullum gefe ɗaya.

In ka tabbatar, sai gyara. Fiyanon da aka yi don kasuwar Gabas ta Tsakiya, irin jerin PSR-A na Yamaha, suna da wasu ƙananan maɓallai 12 a sama, ka danna na E duk E na fiyanon su sauka da kwata. Korg na jerin Pa suna da Quarter Tone. A sauran Yamaha da yawa abin yana ɓoye cikin menu da sunan Scale Tune: ka zaɓi E, ka sa masa -50. Ka duba kuma waɗanne sassa gyaran ya shafa, domin yana yiwuwa hannun damanka ya sauka amma kiɗan rakiya na Style ya ci gaba da buga E na asali a ƙarƙashi, sai karkarwar ta dawo ka rasa daga ina take. In a kwamfuta kake aiki da FL Studio, danna sautin sau biyu a Piano roll ka rage Fine pitch da 50. Wannan yana aiki da kayan kiɗan manhajar na cikin gida, amma da yawa daga na waje ba sa jin umarnin, sai ka nemi nasu wurin gyaran.

Daga -50 sai ka sa mawaƙin ya riƙe sautin, kai ma ka riƙe naka, ka saurari karkarwar. In tana nan a hankali, motsa lambar kaɗan-kaɗan. In ta ƙara sauri ka yi gefen da ba shi ba, koma ɗaya gefen har ta lafa. A Bayati sau da yawa za ka tsinci kanka ƙasa da hamsin ɗin, wajen -55 ko -60. Inda ta lafa, nan ne E na wannan mawaƙi a wannan waƙa. Rubuta lambar a jikin fayil ɗin, domin ran da zai dawo gyaran baiti ɗaya za ka neme ta.

Saman jerin ma yana da nasa hukunci. Daga G zuwa sama, Bayati yakan ɗauki G, A, B♭, C, D, wanda duk suna kan fiyano. Amma in waƙa ta yi zafi mawaƙi ya hau, yakan mayar da B♭ ɗin ya zama B mai kwata, wato ya gina Rast a kan G, sannan in zai sauko ya koma B♭. Dabarar ita ce ka rage B da 50 tun farko. Sai ya zama kana da duka biyun a hannu: baƙin maɓalli na saukowa, fari na hawa. Wannan ya nuna maka wani bambanci kuma. Mu mun saba ɗaukar jeri a matsayin sautuka bakwai da ke maimaita kansu a kowane oktif. Su kuwa suna gina maƙam ne da gungu-gungu na sautuka uku, huɗu ko biyar, kowane gungu ana ce masa jinsi, a ɗora wani a kan wani, kuma ana iya sauya na sama a bar na ƙasa. Jinsin ƙasa ne ke ba maƙam sunansa.

Yanzu ga inda nake ganin yawancin masu fiyano ke ɓata aikin, ko bayan sun gyara maɓallin: hannun hagu. An koya maka cewa kowane sauti na waƙa yana buƙatar kod a ƙarƙashinsa, sautuka uku a haɗe. Tsarin rabin taku ya dace da wannan ƙwarai, kuma akwai dalili. Kowane sauti yana ɗauke da wasu ƙananan sautuka a samansa, ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu na kaɗawarsa. In ka haɗa C da E, ninki biyar na C yana wajen 1308, ninki huɗu na E yana wajen 1318, sun kusa haɗuwa, sai kunne ya ji sun narke cikin juna. In ka sa E mai kwata, ninki huɗunsa 1281 ne, ya yi nisan 27 da na C. Bambanci irin wannan ya yi sauri da yawa a ji shi a matsayin karkarwa, sai ya zama kaushi, wani gurnani a cikin sautin. Saboda haka C, E mai kwata da G in an danne su tare aka riƙe, ba su da daɗin mejo ko na maino. Sautin da ya yi kyau matuƙa a cikin tafiyar waƙa, ɗaya bayan ɗaya, shi ne ke yin kaushi in an tara shi da wasu a lokaci guda. Shi ya sa kiɗan maƙam na asali bai ginu a kan kod ba. Kowa a ƙungiyar yana bin layin waƙa ɗaya ne, kowane da irin adonsa, ganga na riƙe da lokaci.

A aikace ga abin da za ka yi. Kod ɗin da ba su ƙunshi sautin kwata ba suna da lafiya: D maino, G maino, F mejo. Kod ɗin C shi ne tarko, domin E na cikinsa. In kana buƙatarsa, buga C da G kawai ka bar tsakiyar a buɗe, muryar mawaƙi ta cike gurbin. Kod ɗin A mejo, wanda hannunka zai nema da kansa kafin komawa D, ka bar shi sam: ya ƙunshi C♯ wanda ba ya cikin jerin, ga kuma E. Kuma ko kod mai lafiya, kada ka cika canza shi. Bas mai riƙe D, yana zuwa G in waƙa ta zauna a G, yana taɓa C kafin ya koma gida, ya isa. Ni a ganina ƙasidar Bayati da bas da mandiri da sarewa ɗaya mai bin murya ta fi wadda aka cika da kod nesa ba kusa ba, domin duk abin da ka ƙara a tsakiya yana rufe sautin da saboda shi aka zaɓi maƙamin.

Batun A mejo ɗin nan ya kai mu ga yadda jerin biyu ke komawa gida. A tsarin rabin taku, ƙaramin takun ne ke da jan hankali. Ti yana nisan 100 kacal ƙarƙashin do, kunne na jinsa yana matsa lamba sai an hau, haka fa yake jingina kan mi. Yawancin rufewar waƙar coci a kan wannan ja take. Taku na 150 ba shi da wannan matsin. Bai kusa isa ya ja ba, bai kuma yi nisan da zai tsaya shi kaɗai kamar cikakken taku ba. Saboda haka Bayati ba ya rufewa da hawa daga ƙasa. Gangarowa yake yi, G, F, E mai kwata, D, taku biyu na ƙarshe kusan daidai da juna, saukar ta zo a hankali ba tare da an ja ta ba. Wannan laushin saukar shi ne abin da mawaƙinka yake nufi da ya ce an kashe masa waƙa. In ka mayar da sautin E♭, ka ba shi Kurd, mai saukar rabin taku mai nauyi. In ka mayar da shi E, ka ba shi wani abu mai kama da maino na Turai. Duka biyun jeri ne masu kyau, amma ba su ne ya rera ba.

Abin da Auto-Tune ya yi masa ma ya fi haka muni. An saita shi ya ja kowane sauti zuwa mafi kusa cikin 12. Sautin da ke tsakiya daidai ba shi da mafi kusa, sai ƙaramar rawar murya ta riƙa jefa shi sama da ƙasa, ka ji yana ɓari tsakanin E da E♭ cikin gaɓa ɗaya. In dole sai ka yi gyara, hanya mafi aminci ita ce ka sa manhajar ta ƙyale E da E♭ gaba ɗaya, a Auto-Tune ana yin haka da Bypass a kan waɗannan sautuka biyu, ta gyara D da F da G kawai, kuma a hankali. Ko ka yi gyaran da hannu, sauti ɗaya-ɗaya, kana kai na biyun inda kuka auna tare. Ka kula da shigarsa cikin sauti da fitarsa: mai maƙam yakan zamo zuwa sautin kwata daga sama, ya ɗan girgiza shi da F. In ka miƙe wannan zamiya, lambar za ta yi daidai amma waƙar ta bushe.

Saura matsalar sauya tushe, wadda za ta same ka ranar da ya zo da mura ya ce a sauko masa, ko ya kawo yaran Islamiyya masu amshi da muryarsu ke sama. A tsarin ɗari-ɗari kowane maɓalli daidai yake da kowane, ka matsa hannunka kawai, kuma wannan ne babban abin da aka saya da raba oktif daidai. Da ka rage E, wannan daidaito ya tafi. In ya koma Bayati a kan G, sautin kwata ya zama A: jerin G, A mai kwata, B♭, C, D, E♭, F. Dole ka mayar da E da B sifili ka rage A. In a kan A ne, B za ka rage. In ka yi amfani da Transpose, kada ka ɗauka gyaran ya bi ka, domin fiyano sun bambanta a nan: a wasu ragin yana manne da maɓallin da yatsa ke dannawa, a wasu yana manne da sautin da ke fita. Danna tushe da na biyu, ka duba a manhajar wayarka ko tazarar 150 tana nan. In ka ga 200 ko 100, gyaran ya tsaya a tsohon wuri, sai ka sake shi da hannu kafin mawaƙi ya shiga ɗakin ɗauka.

In wata rana ya ce maka Saba zai yi, kada ka taɓa saitin Bayati ɗin. E mai kwata yana nan yadda yake, sai dai G ya sauka zuwa G♭, takun ya zama 150, 150, 100. A nan bas ɗinka ba zai je G ba kuma, F ne wurin hutawa na biyu, kuma G maino ya fita daga lissafi.